Sabuwar Kwamfuta, Tsofaffin Wasiƙu: Yadda Ake Ƙaura Ba a Bar Kaya a Baya Ba

Wani kawuna, ɗan kwangila a Kano, ya kira ni wata ranar Asabar murya a sanyaye. Ya sayi sabuwar kwamfuta, yaron ofishinsa ya saka masa adireshin imel a manhajar Outlook, amma saƙonnin makonni biyu kacal suka sauko. Na shekara takwas, da takardun kwangila da rasidai, babu su babu dalilinsu. Ya ce, "Ɗana, sun ɓata ke nan?" Na ce, "Kawu, ina tsohuwar?" Ya ce tana nan, gobe zai ba wani almajirinsa. Na roƙe shi ya dakata.

Dakatawar nan ita ta cece shi. Yawancinmu mun ɗauka imel yana zaune ne a intanet, duk inda ka shiga da kalmar sirri za ka tarar da shi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa ba haka ba. Saboda haka tambayar farko ga mai shirin ƙaura ita ce: a ina wasiƙuna suke kwana?

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Akwai IMAP, inda ainihin wasiƙun ke ajiye a sabar kamfanin da ya ba ka adireshi, kwamfutarka kuma madubi ce kawai. Akwai kuma POP, wadda ta yi kama da akwatin gidan waya: ka je ka kwashe wasiƙunka, ka kai gida. A Outlook na 2010 zuwa sama, idan ba a canza tsarin ba, POP kan goge saƙo daga sabar bayan kwana 14 da saukarsa. Makonni biyun Kawu ke nan. Sauran duk suna cikin tsohuwar kwamfuta, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

Gane wacce kake amfani da ita ba wuya. A tsohuwar kwamfuta ka danna File, sai Account Settings, ka duba ƙarƙashin Type. Daga nan ka leƙa shafin Data Files. Idan sunan fayil ɗin ya ƙare da .pst, wannan ne rumbunka, ana iya ɗaukarsa a buɗe a wata kwamfutar. Idan ya ƙare da .ost, kada ka wahalar da kanka wajen kwafarsa, domin a ɗaure yake da asusun da ya ƙirƙire shi, sabon Outlook ba zai buɗe maka shi kai tsaye ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita, ko POP ko IMAP, ita ce a sa manhajar ta ɗaure kayan da kanta cikin sabon fayil. Ga matakan:

```
File > Open & Export > Import/Export
Export to a file
Outlook Data File (.pst)
```

A shafin da ke biye, ka zaɓi sunan asusun da ke can sama, ba Inbox kaɗai ba, sannan ka tabbata an yi alama a Include subfolders. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Wanda ya zaɓi Inbox zai tafi da abin da aka aiko masa, ya bar abin da shi ya aika. Ga ɗan kwangila kuwa, sau da yawa wasiƙar da ya aika ita ce hujjarsa ranar da aka yi musu. Idan Data Files ya nuna wani fayil na daban, irin su archive.pst inda ake jibge tsofaffin saƙonni, shi ma a rufe Outlook a kwafe shi.

Kafin mu fara, na sa Kawu ya ɗauko biro. Muka danna kowace babbar folda, muka rubuta adadin da ke fitowa a ƙasan allo kusa da Items. Ba abin burgewa ba ne, amma shi kaɗai ne ma'aunin da zai gaya maka ko kaya sun iso cif.

Fayil ɗin ya fito gigabayit shida da 'yan kai. Muka soka filashi mai gigabayit 32, wayam babu komai a ciki, sai kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Kawu ya fara zargin filashin jabu ne. Ba laifinsa ba ne. Filashi da yawa na zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit huɗu, komai yawan filin da ya rage. Muka sake tsara shi zuwa exFAT, ya shige. A kula, sake tsarin yana share duk abin da ke cikin filashin. Kuma a yi wannan aiki da cikakken caji ko janareta a kunne, don idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta fayil, yana iya lalacewa. Akwai ƙaramar manhajar gyara mai suna scanpst.exe da ke zuwa tare da Outlook, sai dai ba kullum take dawo da komai ba.

A sabuwar kwamfuta, fara kwafe fayil ɗin daga filashi zuwa Documents. Sai ka koma Import/Export, ka zaɓi Import from another program or file, ka nuna masa fayil ɗin. Waɗannan matakai na Outlook ɗin da aka saba da shi ne, wanda yanzu ake rubuta wa classic. Sabon samfurin da ke zuwa da Windows 11 fasalinsa daban ne, don haka a yi ƙaurar da na classic.

Sauran magana ta sunaye da adireshin mutane, kuma a nan ne na fi jin tausayin masu ƙaura. Mai IMAP yakan saki jiki tunda wasiƙunsa za su sauko da kansu. Amma IMAP wasiƙa kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar littafin adireshi ko kalanda. A Outlook na 2013 zuwa sama za ka ga an rubuta (This computer only) kusa da foldar Contacts. Ma'anarsa a fili take: a wannan kwamfutar kaɗai suke. Idan ba a fitar da su zuwa .pst ba, sun tafi da tsohuwar.

Shi Kawu wata matsalar ce ta same shi. Da muka buɗe Contacts, mutum goma sha ɗaya muka gani, alhali ya rantse yana da ɗaruruwa. Ashe sunayen da ke faɗo masa idan ya fara rubutu a layin To yake nufi. Wannan jeri ne dabam da manhajar ke haddacewa daga mutanen da ka taɓa aika wa saƙo, kuma ba a dogara cewa zai biyo kaya. Muka zauna bayan la'asar, muka bi Sent Items, duk wanda ke da muhimmanci muka danna sunansa da maɓallin dama muka zaɓi Add to Outlook Contacts, sannan muka sake fitar da fayil ɗin.

Wasu kan fitar da adireshi a fayil ɗin .csv, musamman idan za su koma wata manhaja kamar Thunderbird. Yana aiki, amma kada a buɗe shi a Excel a sake ajiyewa, domin yakan cinye sifirin farkon lambar waya, 0803 ta koma 803. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma sukan rikiɗe zuwa alamar tambaya. A duba sunaye irin su Ɗanladi da Bilƙisu bayan an shigar.

Da magariba muka gwada lissafin takarda da na sabon allo, folda bayan folda, suka yi daidai. Muka buɗe wata wasiƙa ta shekarar farko, takardar da ke maƙale da ita ta buɗu.

Roƙona gare ka, mai karatu: kada ka sayar da tsohuwar kwamfuta, kada ka kyautar, kada ka goge ta, sai ka yi wata guda kana aiki da sabuwar ba ka nemi wani abu ka rasa ba. Filashin kuma ka adana shi inda kake ajiye takardun gida.