Abin da kaka za ta faɗa wa jikanta game da dodon koɗi

Malamin firamare ko ma'aikacin lafiya da ke son hana yara wanka a kududdufi yana iya shirya musu tatsuniya kamar haka: yaro ya dawo daga tafki da ɗan ƙaramin dodon koɗi a hannu, ya nuna wa kakarsa, ita kuma ta zaunar da shi ta bayyana masa abin da ya sa ruwan da ke kwance yake da hatsari. Dabarar tana da kyau, amma amfaninta ya rataya ne a kan abin da aka sa a bakin kakar. In ta tsaya a kan cewa ruwan ƙazami ne kada ya sha, to an yi asarar labarin, domin tsargiya, wato fitsarin jini, ba sai an sha ruwa take kama mutum ba. Ta fata take shiga, kuma yaron da aka koya masa rufe baki kawai zai faɗa tafki yana ganin ya tsira.

Gaskiyar lamarin ma ta fi daɗin ji a labari. Mai tsargiya yana fitar da ƙwan tsutsar da ke haddasa cutar a cikin fitsarinsa. Idan fitsarin ya faɗa ruwan tafki ko na rafi, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar halittar da ta fito ta shiga neman dodon koɗi, kuma in ba ta same shi cikin kwana ɗaya ba sai ta mutu. Ba kowane dodon koɗi ba ne ke karɓar ta. Ga tsargiyar mafitsara, wani ƙarami ne da masana ke kira Bulinus, wanda bai wuce girman farce ba, yana maƙale a jikin ciyayi da ganyen bado. A cikinsa take hayayyafa har mako huɗu zuwa shida, sannan dubban 'ya'yanta masu wutsiya su riƙa fitowa cikin ruwa, musamman da rana tsaka, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka. Cikin 'yan mintoci suke huda fata, su bi jini, su girma, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Sai bayan kamar wata uku yaro ya fara ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da rawar da dodon koɗi ke takawa a Masar. In likitoci sun shafe shekaru sittin da ɗoriya kafin su haɗa wannan zare, ba a zargi yaron da ya kasa danganta jinin yau da wankan da ya yi wata uku baya ba. Cike wannan tazara shi ne babban aikin labarin.

Daga nan za a ga cewa kalmar ruwa mai kwanciya tana buƙatar gyara. Ruwan da aka ɗebo daga tafki aka ajiye a randa kwana biyu, ba tare da dodon koɗi a ciki ba, ya rabu da hatsarin tsargiya, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce wannan lokaci a raye in ba su sami fata ba. Ana iya wanka da shi, ko da yake sha kam sai an tafasa saboda wasu cututtukan. A ɗaya ɓangaren, gefen kogi inda ruwa ke tafiya a hankali cikin ciyawa, da ƙananan magudanan noman rani, suna iya fin kududdufi hatsari ko da ruwansu garau yake. An ga haka a Senegal, inda tsargiyar hanji ta ɓarke a Richard-Toll bayan kammala madatsar Diama a 1986, an kuma gani a gaɓar tafkin Volta a Ghana bayan gina madatsar Akosombo. Yaran Kadawa da ke wasa a magudanan da madatsar Tiga ke shayarwa, da na gonakin shinkafa a yankin Tillaberi, su ne masu sauraron wannan tatsuniya na ainihi. Saboda haka kakar ta fi kyau ta koya wa jikanta kallon inda ciyawa da dodon koɗi suke, da inda mutane ke tsugunawa, maimakon launin ruwa.

Akwai masu cewa ai kakannin su ne tushen matsalar, tunda a ƙauyuka da yawa manya na ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga namiji, wasu kuma su ɗora wa zafin rana. Wannan magana gaskiya ce, amma a ganina ita ce ma hujjar saka kaka a tsakiyar labarin. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa da wuya ya tunkari mahaifiyarsa, balle in ɗan fari ne da kunya ta shiga tsakaninsu. Kaka kuwa abokiyar wasa ce, tana kiransa mai gidanta, yana tsokanarta, kuma a cikin wannan raha ake faɗin abin da ba a faɗa wa iyaye. Idan aka ji kakar labari tana cewa, “Mai gida, jini a fitsari ciwo ne, ba girma ba ne, gobe sai asibiti,” kakannin da ke zaune a gefe su ma sun ji. Ya kamata kuma a sa wa yaron ƙanwa a labarin, domin 'yan mata masu wanki da ɗibar ruwa suna kamuwa, kuma cutar tana iya taɓa musu al'aura da mahaifa ba tare da an gane ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: tatsuniya ba ta haƙa rijiyar burtsatse. Yaron da garinsu ba shi da wani ruwa sai tafki zai koma tafki komai daɗin labarin, kuma mai dasa shinkafa ba zai fasa shiga ruwa ba. Labarin da ya ce kawai a ƙaurace wa ruwa ya nemi abin da ba zai yiwu ba. Amma akwai abubuwan da ke hannun yaro. Zai iya daina fitsari a cikin ruwa da bakin ruwa, wanda shi ne ke katse hanyar cutar tun daga tushe. Zai iya rage nitso da rana tsaka. Zai iya kuma karɓar maganin firazikwantel ranar da aka kawo shi makaranta, inda ake auna tsayin yaro da sanda don sanin yawan ƙwayoyin da zai haɗiya. Nan ma kakar tana da abin faɗa: a ci abinci tukuna, domin maganin kan sa jiri da tashin zuciya a cikin da babu komai, kuma irin wannan ne ke sa iyaye hana yaransu karɓa a shekara mai zuwa. Ta kuma gaya masa cewa maganin manyan tsutsotsi yake kashewa, ba rigakafi ba ne, shi ya sa ake maimaita shi.

Saura dodon koɗin kansa. Marubuci zai so ya mai da shi mugun labari, amma hakan zai sa yara su shiga ruwa farautarsa, su ƙara jiƙa ƙafafunsu a inda ya fi hatsari. Ba kuma za su ƙarar da shi ba, tunda wasu nau'o'insa kan shige cikin laka su yi barcin rani, su farfaɗo da ruwan farko. Shi ma kamuwa ya yi, kuma daga fitsarin mutum ya kamu.