Layukan take da na ƙaramar jimilla a tsakiyar jadawalin da aka ɗauko da sikana

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar ƙasida za mu duba wata matsala da ke tasowa idan mai bincike ya ɗauko jadawali daga tsohon littafi da sikana, sa'an nan ya sa manhajar karanta haruffa, irin su Tesseract, ta mayar masa da hoton zuwa rubutu. Ɗalibanmu masu nazarin harshe da al'umma sukan yi wannan aiki da rahotannin ƙidayar jama'ar Nijar ta 1977 da ta 1988, ko da kundayen digiri waɗanda aka buga da tafireta.

Jadawalin da aka buga a takarda, don idon mutum aka tsara shi. A tsakiyarsa akan sami layin take, watau sunan jaha shi kaɗai ba alƙaluma, akan kuma sami layin ƙaramar jimilla, wanda ya haɗa alƙaluman layukan da suka gabace shi. Ido yana gane su da manyan baƙaƙe, ko da kaurin tawada, ko da ɗan filin da aka bari a farkon layi. Waɗannan alamomi sukan ɓace bayan manhaja ta karanta shafin, sai dukan layukan su zama tamkar iri ɗaya. A nan za mu kira layin kwance "layi", na tsaye kuwa "ginshiƙi".

2. Misalin da za mu bi

Jadawalin da ke ƙasa mu muka tsara shi don bayani, alƙalumansa na misali ne. Ya nuna yawan mutanen da aka yi hira da su a wurare shida, bisa tsarin mulki na shekarun 1990. Ga yadda ya shigo cikin takardar lissafi, tare da lambar kowane layi:

```
1   Lieu                    H    F    Total
2   DEPARTEMENT DE MARADI
3   Maradi commune          40   35   75
4   Madarounfa              22   18   40
5   Tessaoua                30   25   55
6   Sous-total              92   78   170
7   DEPARTEMENT DE ZINDER
8   Zinder commune          38   42   80
9   Mirriah                 20   15   35
10  Magaria                 26   19   45
11  Sous-tota1              84   76   160
12  Ensemble                176  154  330
```

Layuka shida kaɗai ne ke ɗauke da abin da aka ƙidaya: 3, 4, 5, 8, 9 da 10. Su muke kira layukan asali. Sauran biyar ɗin, biyu take ne, biyu ƙaramar jimilla, ɗaya babbar jimilla.

3. Abin da ke lalacewa

Mutanen da aka yi hira da su 330 ne. Amma wanda ya tara ginshiƙin ƙarshe daga sama har ƙasa zai sami 990, domin kowane mutum an ƙidaya shi sau uku: a layinsa na asali, a ƙaramar jimillar jaharsa, da kuma a babbar jimilla. Matsakaicin yawan mutane a kowane wuri 55 ne, watau 330 a raba shida. Da layukan jimilla a ciki, manhaja za ta raba 990 tara, ta ba da 110. In kuma wani ya cike guraben layukan take da sifili, to za a raba goma sha ɗaya, a sami 90. Rabon Tasawa, wanda ya kai 16,7 cikin ɗari, zai faɗo zuwa 5,6.

Abin lura a nan shi ne ba kowane lissafi ne ke tona kuskuren ba. Mata 154 ne cikin 330, watau 46,7 cikin ɗari. Da an ninka komai sau uku, mata 462 ne cikin 990, rabon bai sake ba. Saboda haka ɗalibi yana iya duba rabon maza da mata, ya ga ya dace da na littafin, ya sakankance alhali sauran alƙalumansa duk sun karkace.

Alamar da ta fi saurin nuna matsalar ita ce ninki. Idan jimillar da muka samu ta zama daidai ninki biyu ko uku na wadda aka buga a ƙasan jadawali, to kusan babu shakka layukan jimilla suna ciki. Idan kuwa ta faɗa tsakanin ninki ɗaya da biyu, mai yiwuwa an cire wasu an bar wasu.

4. A sa alama kafin a cire

Shawararmu ita ce kada a share kowane layi tun farko. Dalili na farko, layin take yana ɗauke da labarin da babu shi a wani wuri: in an share layi na 7, ba abin da zai nuna cewa Mirya da Magarya cikin jahar Damagaram suke. Dalili na biyu, ƙaramar jimilla ita ce ma'aunin da za mu gwada aikin sikana da shi, kamar yadda za mu gani a sashe na 5.

Mataki na farko shi ne a ajiye kwafin jadawalin kamar yadda ya fito, ba a taɓa shi ba, a yi aiki a kan kwafi na biyu. Sai a buɗe sabbin ginshiƙai biyu a hagu. Yanzu A na nau'in layi ne, B na jaha, C na wuri, D na maza, E na mata, F na jimilla.

A ginshiƙin A muna rubuta harafi ɗaya a kowane layi: T ga take, A ga asali, J ga ƙaramar jimilla, G ga jimillar gaba ɗaya. Neman kalma yana taimakawa, amma bai isa ba. Wanda ya nemi "total" zai sami layi na 6 ya rasa na 11, inda manhaja ta karanta harafin l a matsayin lamba 1, ya kuma rasa na 12, inda aka rubuta Ensemble. Wasu littattafan ma S/total ko S/T suke rubutawa. Don haka wajibi ne a ajiye hoton shafin a gefe, a bi layukan ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na gaba shi ne a sauko da take zuwa ginshiƙin B. A gurbin B2 ana rubuta wannan, a ja shi har ƙasa:

```
=SI(A2="T";C2;B1)
```

Ma'anarsa: in layin take ne, ɗauki sunan da ke cikinsa, in ba haka ba, maimaita abin da ke sama. A kula da abu biyu. Layi na 12 zai gaji sunan Damagaram alhali na jahohin biyu ne, sai a share gurbin B12 da hannu. Haka kuma dole a mayar da ginshiƙin B tsayayyen rubutu, ta hanyar kwafe shi a manna sakamakon kaɗai, kafin a jera layuka bisa abacada. Wanda ya jera kafin ya yi haka ya raba kowane wuri da takensa, kuma ba ya da hanyar gyara sai ya koma kwafin farko.

5. Ƙaramar jimilla a matsayin ma'auni

Da zarar kowane layi ya sami alamarsa, sai mu tara layukan asali na kowace jaha, mu debe jimillar da aka buga. Ga gwajin maza na Maraɗi, a layi na 6:

```
=SOMME.SI.ENS(D:D;A:A;"A";B:B;B6)-D6
```

Amsar da muke so ita ce sifili. A ce manhaja ta karanta 22 na Madarumfa a matsayin 27, abin da kan faru idan tawada ta dushe. Tarin maza zai zama 97 maimakon 92, gwajin ya ba da 5. Mun san ke nan kuskuren yana ginshiƙin maza, cikin layuka uku na Maraɗi. Sai mu gwada kowane layi a kwance: 27 da 18 sun ba da 45, alhali an buga 40. Inda gwaji biyun suka haɗu, nan gurbin da ya lalace yake, sai a duba hoton a gyara. Da mun share layi na 6 tun farko, da mun rasa ɗaya daga shaidun biyu.

Girman bambancin shi ma yana ba da labari. In ya yi daidai da adadin wani layi guda, to an sa wa layin alamar da ba tasa ba, ko kuwa manhaja ta tsallake shi. In kuwa ya kai ɗaruruwa ko dubbai, a duba manyan lambobi: a rubutun Faransanci fili ake bari tsakanin dubu da ɗari, sai 1 250 ta rabu gurbi biyu, 1 a nan, 250 a can.

Bayan duk gwaje-gwajen sun ba da sifili, sai a tace jadawalin, a kwashe layukan A kaɗai zuwa sabuwar takarda. A kan wannan takarda ake yin nazari.

6. Layukan da ke ruɗarwa

Akwai jadawalin da take da jimilla suke a layi ɗaya: an rubuta sunan jaha a sama tare da alƙalumanta, gundumomi na biye. Wannan ya fi haɗari a inda jaha da babban birninta suke da suna ɗaya, kamar Maraɗi, Tawa ko Doso, domin za a ga sunan sau biyu, na farko jimilla ne, na biyu layin asali. Irin wannan layi muna sa masa TJ, mu gyara ƙa'idodin biyu su san da shi.

Layin da ya fara da kalmar dont wani yanki ne na layin da ke samansa, an riga an ƙidaya shi, ba a ƙara tara shi. Haka layukan à reporter da report, waɗanda ke ɗauke jimilla daga ƙarshen shafi zuwa farkon na gaba. Shi kuwa layin non déclaré, na waɗanda ba su ba da amsa ba, layin asali ne ko da yake ba sunan wuri ko harshe yake ɗauke da shi ba. Wanda ya cire shi ba zai kai jimilla ba. Daga ƙarshe, idan sashe yana da layi ɗaya tak, jimillarsa za ta yi daidai da shi, kuma umarnin cire maimaici yana iya share na asalin ya bar jimillar.

7. Iyakar wannan hanya

Gwajin tarawa yana aiki ne da ƙidaya. A ginshiƙin kaso cikin ɗari ko na matsakaici, layin jimilla ba tarin na sama ba ne, sai dai a dogara da alamar da aka sa da ido. Inda aka taƙaita lambobi zuwa dubu mafi kusa, bambancin ɗaya ko biyu ba kuskure ba ne. Kuskure biyu kuma suna iya soke juna a ginshiƙi ɗaya, shi ya sa muke gwadawa a tsaye da a kwance. Wani lokaci littafin kansa ne ya yi kuskuren tarawa. A nan ba ma taɓa layukan asali don su dace da jimilla; muna barinsu yadda aka buga, mu rubuta bambancin da lambar shafi.

8. Kammalawa

Muna roƙon ɗaliban da za su kawo mana kundi su haɗo abu uku da kowane jadawali: hoton shafin, kwafin da ke da alamomin T, A, J da G tare da gwaje-gwajensa, da kuma takardar layukan asali. Su kuma faɗa a jimla ɗaya layuka nawa suka shigo, nawa aka ware, nawa suka rage. A misalinmu, ban da layin sunayen ginshiƙai, goma sha ɗaya suka shigo, an ware biyar, shida suka rage, jimillarsu 330 kamar yadda aka buga.