Takardar ƙarin kuɗin haya: yadda ake karanta wa Baba ita da Hausa

A unguwanni irin su Agege da Idi-Araba a Legas akwai dattawan Hausawa da suka shekara talatin ko arba'in a gidan haya guda. Da yawansu sun iya Yarabanci da Turancin kasuwa, suna karanta ajami ba gargada, amma Turancin lauya ya fi ƙarfinsu. Ranar da ejan ya miƙo farar ambulan daga mai gida, jika ake kira, ko ɗan maƙwabta mai karatun boko. Sau da yawa yaron kan leƙa takardar ya ce, "Baba, an ƙara kuɗin gida ne kawai," ko kuma ya ce, "Cewa suka yi ku tashi." Duka amsoshin biyu suna iya jefa tsoho cikin wahala, domin ta farko ta rage abin da takardar ta ƙunsa, ta biyu kuma ta ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Mu ɗauki misalin wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro, da ke zaune a ciki da falo a Agege, yana biyan naira 300,000 a shekara. Lauyan mai gida ya rubuto masa takarda ranar 10 ga Oktoba 2024. Kafin mai fassara ya buɗe baki, sai ya karanta ta shi kaɗai daga sama har ƙasa sau biyu, saboda lauyoyi sukan fara da doguwar shimfiɗa kan tsadar siminti da faɗuwar naira, su ajiye magana mai nauyi a sakin layi na ƙarshe. Wanda ya fara fassara jimla bayan jimla zai gajiyar da Baba kafin a iso wurin da ya shafe shi.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne adadin kuɗin. A Turanci, wasu ƙananan kalmomi biyu masu harafi bibbiyu ne ke bambanta "an ƙara kuɗin ya koma kaza" da "an ƙara kaza a kan na da". A takardar Baba, kuɗin ne ya koma naira 450,000, wato ƙarin naira 150,000 ke nan, rabin abin da yake biya. Da mai karatu ya ɗauka 450,000 ɗin ne aka ɗora a kan tsohon kuɗi, da ya sanar da tsoho 750,000, ya hana shi barci a banza. Irin waɗannan takardu sukan rubuta adadin sau biyu, da lambobi sannan da kalmomi, don haka a duba ko sun yi daidai da juna. Idan sun saɓa, kada mai fassara ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi. A faɗa wa Baba akwai saɓani, a koma wa wanda ya rubuta.

Hausarmu ma tana da nata tarkon. "Dubu ɗari huɗu da hamsin" a baki tana iya zama 450,000, tana kuma iya zama 400,050. Gara a ce "dubu ɗari huɗu da dubu hamsin", sannan a rubuta lambar da manyan baƙaƙe a gabansa. A kuma tabbatar ko kuɗin na shekara ne ko na wata, domin lauyoyi kan nuna haka da wata gajeriyar kalmar Latin da yaro zai iya tsallakewa. A ƙasan takardar Baba akwai wani layi da ya ɗora naira 30,000 na shara da gadi. Abin da zai fita daga aljihunsa ke nan 480,000, wato 40,000 a kowane wata maimakon 25,000 na da. Tsohon ɗan kasuwa da wannan lissafin zai gane nauyin abin, tun da da shi zai auna abin da 'ya'yansa ke aiko masa.

Ranaku uku ne a takardar, kowace da aikinta: ranar da aka rubuta ta, ranar da sabon kuɗi zai fara aiki, wato 1 ga Janairu 2025, da wa'adin kwana 14 na ba da amsa. A lura ko wa'adin daga ranar rubutu ake ƙirga shi ko daga ranar da aka karɓa, kuma a rubuta ranar karɓar a bayan ambulan nan take.

Ga yadda fassarar za ta fita: "Baba, lauyan mai gida ne ya rubuto muku da yawunsa. Ya ce daga 1 ga Janairu kuɗin gidan zai koma dubu ɗari huɗu da dubu hamsin a shekara, da dubu talatin na shara da gadi. Yana so ku ba da amsa cikin kwana goma sha huɗu. Ya ce idan ba ku amince ba, mai gida zai ɗauki matakin karɓar gidansa ta hanyar doka." Nan dattijo zai tambaya, "To ɗan nan, korata suka yi ke nan?" Amsar gaskiya ita ce a'a, wannan sanarwar ƙarin kuɗi ce mai ɗauke da gargaɗi, notis ɗin tashi takarda ce dabam. Amma gargaɗin ma dole a faɗe shi. Na san tausayi ne ke sa jikoki haɗiye jimlar ƙarshe don kada hawan jinin tsoho ya tashi, sai dai kwana 14 ɗin nan za su wuce ko ya sani ko bai sani ba, kuma gidan da mutum ya tsufa a cikinsa shi ya fi kowa haƙƙin sanin halin da ake ciki.

Bayan an gama isar da maganar lauya, sai mai fassara ya ce, "Daga nan kuma maganata ce, ba ta takarda ba." A nan zai iya gaya masa abin da dokar haya ta Jihar Legas ta shekarar 2011 ta tanada. Idan yarjejeniya ba ta ƙayyade wani wa'adi dabam ba, ɗan hayar shekara-shekara yana da notis na wata shida, ɗan hayar wata-wata kuma wata ɗaya. Ko bayan haka sai an ba da wata takarda ta kwana bakwai, kuma kotu ce ke fitar da mutum. Mai gida ba shi da hurumin cire ƙofa ko watso kaya waje. Dokar ta kuma ba ɗan haya damar zuwa kotu idan yana ganin ƙarin ya wuce hankali, inda alƙali zai duba abin da ake biya a irin wannan gida a unguwar. Wasu yankuna kamar Ikoyi da Apapa ba sa ƙarƙashinta, amma Agege tana ciki. Kowace jiha da dokarta, saboda haka wanda ke Kano ko Kaduna kada ya ɗauki lissafin Legas. A nemo tsohuwar yarjejeniya da rasit-rasit, domin hayar da aka yanke mata ranar ƙarewa hukuncinta dabam ne. Kafin a kai ga kotu, gwamnatin Legas tana da cibiyar sasanci da ke sauraron rikicin mai gida da ɗan haya kyauta.

Saura batun sa hannu. Ejan yakan riƙo kwafi na biyu ya ce Baba ya dangwala yatsa don a san ta iso. A karanta layin da ke saman wurin dangwalen da kyau, domin wani lokaci "na karɓa" aka rubuta, wani lokaci kuma "na karɓa kuma na amince". Idan na biyun ne, a soke kalmar amincewar da biro kafin ya sa hannu, ko a nemi a ba shi lokaci, sannan a ɗauki hoton kwafin da waya. Fassarar kuma a rubuta ta a takarda, da ajami in shi ya fi karantawa, mai fassara ya sa sunansa da kwanan wata, a maƙala ta da ta Turancin. Daga ƙarshe a roƙi Baba ya maimaita da bakinsa nawa zai biya, daga yaushe, kuma zuwa wace rana ake jiran amsarsa. Duk inda ya kauce, a sake ɗaukar wurin daga farko.