Ciniki Ya Ƙaru, Amma Me Ya Ƙara Shi? Yadda Mai Shago Zai Karanta Rahoton Wata

Akwai wani shagon kayan masarufi a unguwarmu da nake yawan zama a bakinsa bayan la'asar. Mai shagon dattijo ne da ya daɗe yana sarin kaya a Kasuwar Singa, kuma ya san farashin komai da ka. Duk daren Allah yakan ƙirga abin da ke cikin durowa, ya duba alat ɗin da ya shigo wayarsa, ya rubuta jimilla a wani littafi mai baƙin bango. Ranar da wata ya ƙare sai ya haɗa, ya ce "Alhamdulillahi, an samu" ko ya ce "wannan watan sai haƙuri." Da na tambaye shi abin da ya sa wani wata ya fi wani, sai ya ce, "Malam, kasuwa ce, yau ta ba ka gobe ta hana ka." Gaskiya ya faɗa, sai dai littafin nan nasa yana ɗauke da amsar da ta fi wannan, in da za a shimfiɗa shi a jadawali ɗaya a rubuta layi huɗu ko biyar a ƙarƙashinsa. Abin da ake kira rahoton ciniki na wata ke nan, kuma shafi ɗaya ya ishe shi.

Bari mu ɗauki watanni biyu da suka dace da bayani, wato Fabrairu da Maris na 2025. A Nijeriya an ɗauki azumin wannan shekarar ranar 1 ga Maris, aka yi ƙaramar salla ranar 30 ga wata, don haka kusan Maris ɗin gaba ɗayansa azumi ne, Fabrairu kuwa babu ko kwana ɗaya. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya zo da sauƙi. Kaya huɗu kawai na sa, kuma mu ɗauka an buɗe shagon kullum.

| Kaya | Adadi, Fabrairu | Kuɗi, Fabrairu | Adadi, Maris | Kuɗi, Maris | Bambanci |
|---|---|---|---|---|---|
| Sukari (kwano) | 200 | 800,000 | 330 | 1,320,000 | +520,000 |
| Shinkafa (kwano) | 280 | 980,000 | 310 | 1,085,000 | +105,000 |
| Man girki (lita) | 150 | 450,000 | 150 | 510,000 | +60,000 |
| Madara (gwangwani) | 100 | 250,000 | 92 | 230,000 | −20,000 |
| Jimilla | | 2,480,000 | | 3,145,000 | +665,000 |

Abin da ido ke fara kamawa shi ne layin ƙarshe. Ciniki ya tashi da naira 665,000. In ka raba wannan da cinikin Fabrairu ka ninka sau ɗari, za ka samu ƙarin kusan kashi 27 cikin ɗari. Mai shago da ya tsaya a nan zai kwana da murna, washegari ya nufi Singa ya ƙaro kowane kaya. To amma ka lura da ginshiƙan da aka rubuta "adadi" a kansu. Su ne yawancin masu shago ba sa rubutawa, kuma su ne ke faɗin gaskiyar lamari. Kuɗi kaɗai ba ya gaya maka ko kaya ne suka fi fita, ko farashi ne ya hau, ko kuwa kwanakin watan ne suka fi yawa.

Mu fara da shinkafa, domin ita ce ta fi yaudara. An sayar da kwano 280 a Fabrairu, 310 a Maris, farashi bai motsa daga naira 3,500 ba. Kamar an samu ƙarin masu saye. Amma Fabrairu kwana 28 ne, Maris kwana 31. Raba 280 gida 28, kwano goma ne a rana. Raba 310 gida 31, kwano goma ne dai. Ke nan babu abin da ya canza a cinikin shinkafa, kwana uku ne suka ƙaru a kalanda. Shi ya sa duk rahoton da zai gwada wata da wata ya kamata ya fitar da cinikin rana ɗaya, ta hanyar raba jimilla da yawan kwanakin da aka buɗe shago. A misalinmu Fabrairu ya ba da kimanin naira 88,600 a rana, Maris kuma kimanin 101,500. Ƙarin ya dawo kusan kashi 15 cikin ɗari, ba 27 ba. Haka za a yi in an rufe shago na wasu kwanaki saboda rasuwa ko tafiya: da kwanakin da aka buɗe ake rabawa.

Man girki kuwa labarinsa ya fi damuna. Lita 150 aka sayar a kowane wata, amma kuɗin ya ƙaru da naira 60,000, saboda lita ta tashi daga 3,000 zuwa 3,400. Mu ce a wurin sari ma ta tashi daga 2,700 zuwa 3,100. Ribar kowace lita tana nan a naira 300, wato 45,000 a Fabrairu, 45,000 a Maris. Wannan dubu sittin ɗin da ta bayyana a jadawali ba ta mai shago ba ce, ta dila ce, za ta koma hannunsa ranar da aka je sabon sari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kaya ya riƙa hawa, masu shaguna da yawa sun ga kuɗin ciniki yana kumbura alhali kantocinsu suna ramewa, kuma wannan ne dalili.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Lita 150 a kwana 31 ta gaza lita 150 a kwana 28. Cinikin mai na kowace rana ya ragu ke nan, kuma a watan da kusan kowane gida ke suyar ƙosai da dankali da yamma. In da komai daidai yake, mai ya kamata ya bi sahun sukari. Tun da bai bi ba, akwai tambaya: shin maƙwabcin shago yana da tsohon kaya da yake sayarwa a tsohon farashi? Ko mutane sun koma awon ƙaramar kwalba a wani wuri? Jadawali ba zai amsa wannan ba. Aikinsa ya nuna wa mai shago inda zai je ya tambaya, kuma tambayar ba ta wuce ya aiki yaro ya zagaya shaguna uku ya jiyo farashi ba.

Madara ta ragu da gwangwani takwas, wanda bai kai a ɗaga ido ba. Sai dai mu ce yaron shago ya rubuta a gefen littafi cewa madara ta yanke kwana takwas kafin a kawo wata. To gwangwani 92 ɗin a kwana 23 aka sayar da su, huɗu ke nan a rana, fiye da na Fabrairu. In da tana nan a waɗancan kwanaki takwas, da an ƙara sayar da wajen gwangwani 32, kuɗinsu naira 80,000 a kan 2,500 kowane. Wanda ya ga alamar ragi kawai zai rage sarin madara, alhali ƙari take nema. Ina ganin babu abu mai arha da amfani a shago kamar wannan ɗan rubutun gefe: ranar da kaya ya ƙare, da ranar da ya dawo.

Sukari ne kaɗai ƙarinsa na zahiri ne, daga kwano bakwai a rana zuwa fiye da goma, farashi na nan a 4,000. Dalili a fili yake: kunu, koko, shayin sahur, da masu saye su raba wa 'yan'uwa. Kusan kashi huɗu cikin biyar na duk ƙarin watan daga gare shi ya fito, kuma da ganin watan Shawwal zai lafa.

Kafin a rubuta sharhi, akwai layi biyu da ya kamata su zo a ƙasan jadawali. Na farko shi ne bashi. Kayan da aka ba da bashi ciniki ne, ana sa su a jadawali, amma kuɗinsu bai shigo ba. A ce bashin da aka bayar ba a biya ba ya kai 150,000 a Fabrairu, ya kai 410,000 a Maris, domin azumi lokaci ne da mai shago ke jin nauyin hana maƙwabci. Abin da ya shigo hannu, tsaba da taransifa, ya zama 2,330,000 da 2,735,000. Ƙarin da za a iya zuwa kasuwa da shi 405,000 ne. In an biya wani tsohon bashi a cikin watan, a rubuta shi daban, kada a zuba shi cikin cinikin watan a ƙirga shi sau biyu.

Layi na biyu shi ne abin da aka ɗiba ba da sayarwa ba: cefanen gida, sadaka, kayan da suka lalace. Na taɓa ganin yadda rashin wannan layin ya kusa raba wani maigida da yaronsa. An ƙirga kaya aka ga sukari bai cika ba, maigida ya tsare yaron da ido. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ai kai ka ce in auna kwano biyar in kai gidan Hajiya Babba, ka ce in kai uku masallaci." Alhaji ya yi shiru, don ya tuna. Zargi ya riga ya fita daga baki, alhali rubutun minti ɗaya ya isa ya hana shi.

Sharhin kansa gajere ne, kuma kowace jimla tana ɗauke da adadi da dalilinsa. Ga yadda na Maris zai kasance: "Ciniki ya tashi daga 2,480,000 zuwa 3,145,000, amma a lissafin rana ƙarin kusan kashi 15 ne. Sukari ya kawo 520,000 daga cikin ƙarin saboda azumi. Shinkafa ba ta canza ba, kwano goma a rana. Ƙarin mai na farashi ne, ribarsa tana nan a 45,000, kuma fitarsa a rana ta ragu. Ana binciken farashin maƙwabta. Madara ta yanke kwana takwas, an rasa cinikin kimanin 80,000. Bashi ya haura zuwa 410,000." Ka ga an bambanta abin da littafi ya tabbatar da abin da ake zato. Maganar madara tana da ranaku a rubuce, sai aka faɗe ta kai tsaye. Ta mai kuwa ba a tabbatar ba tukuna, sai aka ce ana bincike.

Saura wata matsala da ta shafi duk mai ciniki a ƙasar Hausa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a gwada wata da takwaransa na bara. Amma azumi da salla suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2024 an fara azumi ranar 11 ga Maris, don haka kwana goma na farkon wancan Maris ɗin ba azumi ba ne, kuma ƙarshen azumin da cinikin salla sun faɗa cikin Afrilu. Wanda ya gwada Maris da Maris zai ga ci gaban da kalanda ce ta ƙera shi. Mafita ita ce a saman kowane rahoto a rubuta yawan kwanakin azumi ko salla da suka faɗo cikin watan, sannan a gwada azumin bana da azumin bara, kwano da kwano.

Da wannan shafin a hannu, sarin farkon Afrilu ya riga ya tsara kansa. Sukari ya koma lissafin kwano bakwai a rana, shinkafa ta tsaya a goma, madara a ƙaro ta yadda ba za ta yanke ba, mai kuma a dakata da sari mai yawa sai yaro ya dawo da farashin maƙwabta. Kuɗin da za a fita da su Singa a lissafa su daga 2,735,000 da suka shigo hannu, sauran 410,000 ɗin kuma a buɗe shafin bashi a fara bi, tun daga wanda nasa ya fi yawa.