"An Ce Tana Hana Haihuwa": Yadda Ake Amsa Wa Dangi Kan Rigakafi

A gidaje da dama, uwar jariri ba ita ke da ta cewa kan rigakafi ba. Tana iya ɗaura zani ta ɗauko katin asibiti, kakar yaron ta ce a mayar da shi, domin ta ji an ce allurar tana hana haihuwa. Wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma tana da mafari.

A shekarar 2003 jihohin Kano, Kaduna da Zamfara suka dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna, bayan wasu manya, cikinsu har da likita Datti Ahmed, sun yi zargin an saka maganin hana haihuwa a ciki. Mutane sun saurara saboda ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma tabon da ya bari na gaske ne, kuma duk mai son a saurare shi a gida gara ya amince da hakan tun farko.

Kano ta koma bayar da ɗigon a watan Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma samo shi daga Indonesiya, ƙasar da a lokacin ta fi kowace yawan Musulmi. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka iyaka, kuma a shekarun da suka biyo baya adadin ƙasashen da ta sake ɓulla a cikinsu bayan sun riga sun rabu da ita ya kai kusan 20. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a wancan lokaci su ne suka biya kuɗin jita-jitar.

To yaya ake amsa wa kakar? Ba a fara da gardama, balle a gaban mutane. Ɗanta, wato uban jaririn, ya fi matarsa dacewa da maganar, saboda kunyar surukuta. Sai ya zauna ya tambaya: "Inna, me kuka ji game da allurar nan?" Ya bar ta ta kai aya. Sau da yawa abin da zai fito ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne kada zuri'a ta yanke.

Daga nan hujja mafi ƙarfi tana cikin gidan. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a 2004 yanzu sun haura shekara 20, da yawansu suna da goyo. Yana iya cewa: "Inna, ku duba ƙanwata. Sau nawa aka ɗiga mata a zauren nan? Ga 'ya'yanta." Idan Inna ta je Makka, akwai ƙarin hujja, domin Saudiyya ba ta karɓar mahajjaci sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma ita da kanta ta miƙa hannu aka yi mata.

Tambayar da ta fi wuya ita ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Tambaya ce mai ma'ana, kuma rashin magani a asibitocinmu abin takaici ne da bai kamata a kare ba. Amma amsar ita ce shan-inna ba ta da maganin warkewa, kuma tana yaɗuwa ta bayan gida daga yaro zuwa yaro, don haka muddin ta rage a wuri ɗaya, kowace ƙasa tana cikin haɗari. Shi ya sa ake zuba kuɗi daga waje. Aikin ya yi amfani: tun 2016 a Borno ba a sake ganin asalin ƙwayar cutar a Nijeriya ba.

Kada kuma a yi alkawarin cewa babu abin da zai faru. Allurar da ake yi a cinya a sati 6, 10 da 14 takan kawo zazzaɓi, kumburi da rigima na kwana ɗaya ko biyu. Ta BCG takan yi ɗan ƙurji a dantse ta bar tabo. Idan an faɗa wa kaka tun kafin a tafi, ba za ta ɗauki zazzaɓin daren a matsayin shaidar zarginta ba. Amma jijjiga, wahalar numfashi, kumburin fuska, ko zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, waɗannan na asibiti ne nan take.

Tsohon zargin ya dawo a 2023 da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV. An zaɓi shekarun ne domin allurar ta fi aiki kafin a kamu da ƙwayar, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Cutar da take karewa kuwa, dajin bakin mahaifa, ita ce ke sa likita ya cire wa mace mahaifa. Idan har yanzu Inna ba ta gamsu ba, a gayyace ta ta raka jikan asibiti ta yi wa ma'aikaciyar lafiya tambayoyinta da bakinta.