Masu makarantu, ku faɗi kuɗi ku faɗi rana

Da zarar Agusta ya kama, sai ka ga allunan talla sun cika Nassarawa GRA a Kano, daga Titin Sultan har Titin Alu. Kusan duk maganarsu ɗaya: an fara ɗaukar ɗalibai, ƙwararrun malamai, ga hoton yara sun sha kwat suna murmushi. Nawa ne kuɗin? Shiru. Yaushe za a rufe sayar da fom? Sai lambar waya, wadda sau da yawa ba a ɗagawa.

Ɓoye kuɗin nan shi ya fi ba ni takaici. Mu ɗauka wata makaranta na karɓar naira 150,000 a zango. Uba ya ji haka a waya, ya yi lissafi da albashinsa, ya sayi fom na 10,000, yaro ya ci jarrabawar shiga. Ranar biya sai a miƙo masa takarda: yunifom 35,000, littattafai 45,000, kuɗin gine-gine 30,000. Zangon farko ya koma 270,000, ba a ma zo maganar mota ba. Yaro kuwa ya riga ya gaya wa abokansa ya sauya makaranta. Uban ko dai ya ci bashi, ko ya janye da kunya, kuma duk wanda ya zaɓa, zai ba da labarin a majalisa. Wace riba aka ci?

Gyaran bai fi layi huɗu ba. A rubuta kuɗin zango daban, abin da ake biya sau ɗaya lokacin shiga daban, sannan jimillar zangon farko. A faɗi ko kuɗin fom na dawowa, ko ana karɓar biya kashi-kashi, ko akwai ragi ga mai 'ya'ya biyu ko uku. In ajin ƙarshe ne, a bayyana ko kuɗin WAEC da NECO na ciki. Masu cewa faɗin kuɗi yana korar iyaye su sani, wanda adadi ya kora a bakin allo, da ma zai gudu a ofishin akanta, sai dai a can da fushi zai tafi.

Haka ranaku. “Nan ba da jimawa ba” ba rana ba ce. A sa ranar rufe fom, ranar jarrabawa da ƙarfe nawa, da ranar komawa a Satumba, har da shekarar, domin wasu allunan tun bara suke rataye.

Sai tsaro. Tun bayan da aka gano kisan ɗaliba Hanifa a 2022, lokacin da gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu don sake tantance su, iyaye na son sanin wa ake miƙa wa yaro in an tashi. Ku rubuta lambar rajistarku da tsarin ɗaukar yara, ko da za a rage girman hoton.

Ku kuma iyaye, kada ku biya kuɗin fom sai an ba ku cikakken jerin kuɗaɗen a rubuce, da hatimin makaranta.