Yadda ake ƙara girman rubutu da kibiyar linzami a kwamfutar dattijo

Daga shekara 40 zuwa sama ido yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, yanar ido kuma tana ƙara dusashe abin da ake kallo. Shi ya sa dattijo kan sunkuya har fuskarsa ta kusa taɓa allon kwamfuta, ko ya yi ta yawo da linzami yana neman inda kibiya ta shige. A kwamfuta mai Windows wurare uku ake gyarawa, kuma jerin da aka bi yana da tasiri: da farko girman komai na allo, sannan rubutu, sannan kibiya. A zaunar da mai kwamfutar a kujerar da ya saba, da tabaraunsa a ido, domin idonsa ne ma'auni, ba na mai gyaran ba.

Na farko sunansa Scale. Ana danna maɓallin Windows tare da I, a shiga System, sannan Display. Wannan saiti yana ƙara girman rubutu da gumaka da maɓallai gaba ɗaya, a matakai irin su 100% da 125% da 150%. Sai dai faɗin allo ba ya ƙaruwa, saboda haka duk abin da ya girma, wani abu ya rage masa wuri.

A ɗauki laftof mai inci 15.6 wadda allonta ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Idan aka sa ta a 150%, filin aiki ya koma kamar na allo mai 1280 da 720, kuma yawancin manhajoji suna zama daidai a cikinsa. A 175% tsayin ya ragu zuwa kusan 617. A nan matsala ke fitowa: taga ta buɗe, amma maɓallin OK ko Save ya faɗa ƙasan allo, dattijo ya cika fom tsaf ya rasa inda zai danna. Da an ga haka, a koma baya da mataki ɗaya. Tsofaffin laftof na hannu masu 1366 da 768 tun a 125% suke kaiwa wannan matsi, don haka gara a bar su a 100% a nemi sauƙi ta mataki na biyu.

Akwai wani saiti a ƙarƙashinsa, Display resolution, wanda wasu ke ragewa don abubuwa su girma. Suna girma kuwa, amma bakin haruffa yana yin dishi-dishi, ido mai rauni kuma ya fi wahala da hakan. A bar shi a kan wanda aka rubuta wa Recommended. Custom scaling ma, mai karɓar lamba daga 100 zuwa 500, a guje shi: lamba mai yawa tana iya sa komawa cikin saitin ya zama aiki.

Mataki na biyu rubutu kaɗai yake taɓawa. Maɓallin Windows da U yana buɗe Accessibility a Windows 11, ko Ease of Access a Windows 10. A Text size, ko Make text bigger a na 10, akwai sandar da ake ja daga 100% zuwa 225%, da samfurin rubutu a samanta. A ja ta a hankali har dattijon ya karanta samfurin ba tare da ya sunkuya ba, sannan a danna Apply. Wannan ƙari yana hawa ne a kan na farko, don haka kaɗan ya isa. Idan sunayen fayiloli suka fara guntulewa, an wuce gona da iri. Wasu tsofaffin manhajoji ba sa bin wannan saiti sam. A shafin intanet kuwa, Ctrl da + na ƙara girma, Ctrl da 0 na mayar da shi yadda yake.

Kibiya tana cikin Accessibility ɗin, a Mouse pointer and touch. Girmanta daga 1 zuwa 15 ne. Tsakanin 3 da 5 yakan wadatar, domin ƙatuwar kibiya tana rufe abin da ake son dannawa. Launi ya fi girma amfani: farar kibiya a kan farin shafi ɓacewa take yi, baƙa ko rawaya mai haske kuwa tana fita sarai. Ɗan layin nan mai ƙyaftawa a wurin rubutu shi ma yana da saitinsa, Text cursor, inda ake ƙara masa kauri ko a kunna masa alama mai launi.

Bayan an gama, a fita daga asusun a sake shiga, domin wasu manhajoji sai a lokacin suke ɗaukar sabon girman. Sannan a bar dattijon ya buɗe abubuwan da ya saba amfani da su da hannunsa. Idan kwamfutar ta gida ce da jama'a ke amfani da ita, a buɗe masa asusunsa daban, don kada wani ya sauya masa girman rubutu da na kibiya.